Takardun WHT na miliyan 8.4, hukuma ta amince da miliyan 4.65: yadda aka bi sawun ragowar

Kamfanin da za mu duba lamarinsa na misali ne, kuma an daidaita alƙalumansa domin lissafi ya fito fili, amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin ɗan kwangila zai gane irinsa. Kamfani ne mai rajista a Kano, yana yin kujeru da tebura da sauran kayan ofis, yana kai wa ma'aikatu da makarantu da wasu kamfanoni a kan kwangila. Shekarar lissafinsa tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba. A 2023 ya yi cinikin naira miliyan 240, wato ya haura miliyan 100, saboda haka kashi 30 cikin ɗari ne harajinsa. Ribar da haraji ya hau kanta ta kama miliyan 30, harajin kamfani ya zama ₦9,000,000.

Yawancin masu ba shi aiki ba sa biyan sa kuɗinsa cif. Doka ta ɗora musu su cire wani kaso tun daga tushe, wanda a takardu ake rubutawa WHT, su kai wa hukumar haraji da sunansa. A 2023 kason kwangilar kawo kaya kashi 5 ne. Wannan kuɗi ba wani haraji ne na daban ba, biyan gaba ne na harajin kamfanin, idan ƙarshen shekara ya zo sai a cire shi daga abin da ake bin sa. A littafin akantan kamfanin, jimillar abin da aka cire musu ta kai ₦8,400,000. Da ya shigar da bayanan shekara a watan Yunin 2024, sai ya cire wannan daga miliyan 9, aka biya ragowar ₦600,000 ta banki, aka biya harajin ilimi daban da tsabar kuɗi tunda shi ba a biyan sa da kiredit ɗin WHT, kowa ya koma harkarsa.

A watan Satumba wasiƙa ta zo daga ofishin FIRS, hukumar harajin tarayya, da ke riƙe da fayil ɗin kamfanin. Ta ce kiredit ɗin da aka tabbatar ₦4,650,000 ne kawai. An ƙi ₦3,750,000, ana neman a biya su, da tarar kashi 10 cikin ɗari, wato ₦375,000, da kuɗin ruwa. Wasiƙar ba ta ce ga takarda kaza da aka ƙi ba, jimilla kawai ta bayar.

Mai kamfanin ya kira akanta ya ce, "Malam, ba ga takardun nan a fayil ba? Ka kwashe su ka kai musu su gani da idonsu." Akantan ya ce, "Ranka ya daɗe, sun riga sun gan su. Ba takardar suke dubawa ba, abin da ya shiga asusunmu a wurinsu suke dubawa." A nan gizo ke saƙar. Bayan FIRS ta koma aiki da shafinta na intanet mai suna TaxPro-Max a watan Yunin 2021, a wancan lokaci kiredit yana fitowa ne idan wanda ya cire kuɗin ya biya hukumar, ya kuma ɗora jadawalin da ke ɗauke da lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ta wanda aka cire wa. Idan ɗaya daga cikin biyun bai faru ba, ko ya faru a karkace, takardar da ke hannunka tana iya zama gaskiya, hatiminta na gaskiya, amma asusunka babu komai.

Kafin a taɓa lissafi sai da aka duba kwanan wata. Dokar harajin kamfanoni ta wancan lokaci ta ba da kwana 30 daga ranar da aka miƙa sanarwa a rubuta ƙin amincewa, idan suka wuce ba a ce komai ba, abin da aka yanke ya zauna, ko da kuwa kai ne mai gaskiya. Wasiƙar tana ɗauke da 9 ga Satumba, mai gadi ya sa hannu ya karɓa ranar 12. Kwana 30 daga ranar karɓa sun faɗa 12 ga Oktoba, wadda Asabar ce. Akantan bai tsaya jayayya a kan wace rana ake fara ƙirga ba, ya sa wa kansa 9 ga Oktoba. Wasu kan ce ai wannan wasiƙar neman biya ce, ba sanarwar yanke haraji ba, don haka wa'adin bai hau kanta ba. Ni dai ban ga hikimar jingina miliyan huɗu a kan wannan muhawara ba. Duk takardar da ta ambaci adadin kuɗi ta ce a biya, a ɗauka agogo ya fara tafiya.

Sai aikin kansa. Abu uku aka ajiye gefe da gefe: asusun WHT na littafin kamfani, takardun da ke fayil, da jerin kiredit da aka sauke daga TaxPro-Max. Ba a fara daga takardun ba, daga inbois aka fara. Kowane inbois ya samu layi guda: wa aka yi wa aiki, nawa ne kuɗin kafin VAT, nawa ya kamata a cire, nawa ya shigo banki, wace shaida ke hannu, kuma ko ya bayyana a jerin hukuma. Dalilin farawa daga inbois shi ne shi kaɗai ne abin da ba ya canza suna a hanya. Mai biya yana iya haɗa inbois uku ya biya su lokaci guda, ya cire WHT ɗinsu a dunƙule, ya kai wa hukuma bayan wata biyu, sai kiredit ya fito da kwanan wata da adadin da ba su yi kama da komai a littafinka ba. Hanyar gane shi ita ce a mayar da kiredit zuwa asalinsa, a raba shi da kason da aka cire. Kiredit na ₦425,000 a kashi 5 yana nufin aikin ₦8,500,000, sai ka nemi inbois ɗaya ko biyu ko uku na wannan mai biya da suka haɗu suka ba da haka.

Da aka gama, layukan da suka dace ta kowane ɓangare sun ba da ₦4,650,000 daidai, abin da hukuma ta amince da shi. Wannan kaɗai labari ne mai amfani, domin ya nuna ofishin bai ɓatar da komai ba, abin da ya gani ya ƙirga. Ragowar ₦3,750,000 ta watse gida biyar, kuma babu biyu da ciwonsu ɗaya.

Biyu daga ciki laifin cikin gida ne. Na farko ₦350,000 ne na wani aikin miliyan 7 da aka yi a ƙarshen 2022. An riga an yi amfani da kiredit ɗinsa a harajin shekarar da ta gabata, amma ba a share shi daga littafi ba, sai ya biyo ragowar bara ya shigo bana. Kiredit sau ɗaya ake cin sa, babu abin cewa.

Na biyun ya fi ban sha'awa, kuma yana yawan faruwa ga masu aiki da gwamnati. Wata ma'aikata ta karɓi kayan ₦6,000,000. Da VAT na kashi 7.5, wato ₦450,000, inbois ya kama ₦6,450,000. Abin da ya shigo banki ₦5,700,000 ne. Yaron da ke shigar da lissafi ya ga giɓin ₦750,000, sai ya zuba shi duka a asusun WHT. Alhali ₦300,000 ne kawai WHT, kuma yana nan a jerin hukuma, an amince da shi. Sauran ₦450,000 VAT ne, domin ma'aikatun gwamnati su ma suna riƙe VAT su kai da kansu, ba sa miƙa wa ɗan kwangila. Takardar biyan da ma'aikatar ta bayar ta nuna layi biyu ƙarara, ba a dai karanta ba. VAT da aka riƙe ba ya rage harajin kamfani ko da sisi. Wurinsa bayanan VAT na wata-wata, kuma da aka leƙa can sai aka tarar kamfanin ya sake biyan VAT ɗin wannan inbois daga aljihunsa a watan. Kuɗin bai ɓace ba ke nan, amma ta wata ƙofa za a neme shi, ba ta wannan wasiƙa ba.

Mafi girma a cikin biyar ɗin ₦1,200,000 ne, kashi 5 na kwangilar miliyan 24 da wani otal. Takardar da otal ɗin ya bayar tana da kyau, har da shaidar biyan FIRS a watan da ya dace. Akantan ya je wurin takwaransa na otal ya roƙi ya ga jadawalin da suka ɗora a wannan watan. Sunan kamfanin yana nan daidai, amma lambar TIN da ke gefensa ta wani kamfani ce, shi ma na Alhaji mai kamfanin kujerun, wanda ya taɓa yi wa otal ɗin fenti shekaru biyu baya. Ma'aikacin otal ya kwafo lambar daga tsohon jadawali. Na'ura lamba take bi, ba suna ba, saboda haka kiredit ɗin yana can zaune a asusun ɗan'uwan kamfanin.

Alhaji ya ce to ai duk nasa ne, a bar shi can a ci. Ba ya yiwuwa, kuma ba don tsaurin ido ba. Kowane kamfani mutum ne daban a wurin doka. Idan na fentin ya ci kiredit na ₦1,200,000, ya shaida da bakinsa cewa ya yi aikin miliyan 24 da bai taɓa bayyanawa ba, kuma ranar da odita ya zo, a kan wannan miliyan 24 zai nemi haraji. Abin da aka yi shi ne otal ɗin ya rubuta wa ofishin harajinsa wasiƙa yana amsa kuskuren, ya haɗa da jadawalin da aka gyara da shaidar biya, kamfanin fentin kuma ya rubuta cewa kuɗin ba nasa ba ne, bai kuma yi amfani da shi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya sa gyaran ya zo da sauƙi. Da an riga an ci kiredit ɗin a can, sai an warware harajin wancan kamfani tukuna.

A kan wannan layi ne jami'in da ke duba fayil ya yi tambayar da ya kamata kowa ya shirya mata: a nuna masa miliyan 24 ɗin a cikin cinikin miliyan 240 da aka bayyana. Takardar WHT wuƙa ce mai kaifi biyu, tana rage maka haraji, tana kuma shaida cewa ka samu kuɗi. An buɗe littafin ciniki, inbois biyu ne, na miliyan 15 da na miliyan 9, duka a cikin 2023, magana ta ƙare. Inda ake shiga uku shi ne kuɗin kafin alƙalami: an biya ka a Disamba an cire WHT, kai kuma ba ka rubuta shi a ciniki ba sai shekara mai zuwa da aka kai kaya. Ba laifi ba ne, amma sai ka iya nuna kuɗin zaune a littafi a matsayin abin da aka karɓa kafin aiki, in ba haka ba jami'i zai ɗauka ciniki ne ka ɓoye.

Na huɗu ₦1,100,000 ne, daga wani kamfanin gine-gine da ya ba su aikin miliyan 22 na kayan ɗakunan wani gini. Abin da ke fayil ba shaidar biyan hukuma ba ce ko kaɗan, takardar biya ce ta kamfanin ginin kansa, mai nuna an cire kashi 5. Sun cire, ba su kai ba. Doka ta ce a kai wa FIRS zuwa ranar 21 ga watan da ya biyo bayan cirewa, su kuwa wata goma sha ɗaya kuɗin na juyawa a hannunsu. A ƙa'idar da ake bi a wancan lokaci, ba a ba ka kiredit a kan kuɗin da hukuma ba ta karɓa ba, duk da cewa kai an riga an cire maka. Abin da ya rage shi ne matsa wa mai riƙon. Akantan ya rubuta musu wasiƙa mai ladabi, ya ambaci lambar inbois da ranar biya da adadin, ya tuna musu cewa wanda ya cire bai kai ba yana fuskantar tarar kashi 10 da kuɗin ruwa, ya kuma sanar da su cewa dole kwafin takardar biyansu ya shiga cikin amsar da za a kai wa FIRS. Wannan jimla ta ƙarshe ita ta yi aiki. Alhaji bai so ba, domin yana sa ran wani aiki daga wurinsu, amma ko dai a ambace su ko ya biya miliyan ɗaya da dubu ɗari sau biyu.

Wannan matsala ce sabuwar ƙa'idar cire haraji daga tushe ta 2024, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, ta nufa. Ta wajabta wa mai cirewa ya ba da rasit, ta ce wanda aka cire wa zai iya kai rasit ɗin ya samu kiredit ko da ba a kai kuɗin ba, bashin ya koma kan mai cirewa. Ta kuma rage kason kawo kaya zuwa kashi 2, ta ninka kason ga wanda ba shi da TIN. Amma ba ta koma baya ta rufe 2023 ba, kuma mai daidaita lissafin shekarun da suka ratsa wannan iyaka ya kula: raba kiredit na 2025 da kashi 5 zai ba shi adadin aikin da bai kai rabin na gaskiya ba.

Na biyar shi ne ƙarami a cikin ukun da ba laifin kamfani ba, kuma shi ya fi taurin kai. Wata makaranta mai zaman kanta ta sayi kujerun miliyan 13, ta cire ₦650,000, ta biya a kan lokaci, ta kawo rasit na asali. Sai dai rasit ɗin na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne. WHT na mutum ɗaya ko mai sunan kasuwanci kawai shi ke zuwa jiha, na kamfani mai rajista kuwa hukumar tarayya yake zuwa. Mai kuɗin makarantar ya saba kai harajin albashin malamai jiha, sai ya haɗa da wannan. FIRS ba za ta rage harajinta da kuɗin da ya shiga baitulmalin wata gwamnati ba, kuma babu wata hanyar da ofis zai tura wa ofis. Gyaran da doka ta sani shi ne makarantar ta biya FIRS sabo, sannan ita ta nemi jiha ta mayar mata ko ta lissafa mata a gaba. Wato ana roƙon makaranta ta fitar da ₦650,000 a karo na biyu saboda kuskuren da ita a ganinta ba kuskure ba ne. Ta ce za ta duba.

Wasiƙar ƙin amincewa ta shiga ranar 4 ga Oktoba, aka buga wa kwafinta hatimin karɓa. Shafi biyu ce. Ba ta ce an zalunci kowa ba, ba ta kuma ce duk miliyan 8.4 daidai ne ba. Ta amsa ₦800,000 na layi biyun farko, ta haɗa da shaidar an biya su da tarar ₦80,000 da kuɗin ruwansu. Ta ƙi amincewa da ₦2,950,000, ta raba su uku, kowanne da dalilinsa da takardunsa: inbois, shafin banki mai nuna abin da ya shigo, shaidar cirewa, da wasiƙar da aka rubuta wa mai biya. Ta faɗi adadin harajin da kamfanin yake ganin shi ne a kansa, domin doka tana son ƙorafi ya zo da takamaiman dalili da adadi. Wasiƙar da ta ce "ba mu yarda ba" kawai, ana iya cewa ba ƙorafi ba ce.

Ana iya tambaya me ya sa aka amsa laifin ₦800,000 tun ba a gano su ɗaya-ɗaya ba. A ganina wannan shi ne mafi hikimar abin da akantan ya yi. Kuɗin ruwa yana hawa kullum a kan abin da tabbas za a biya. Bayan haka, jami'in da ya kama kiredit da aka ci sau biyu a cikin fayil ɗin da aka rantse masa duk daidai ne, ba zai ƙara kallon sauran takardun da idon rahama ba.

Zuwa ƙarshen Nuwamba ₦1,200,000 na otal ya dawo asusun da ya dace. Kamfanin ginin ya biya nasa a watan Oktoba, kiredit na ₦1,100,000 ya bayyana bayan 'yan makonni, aka lissafa shi. An janye tarar da ta hau kan na otal, tunda kuɗin yana hannun hukuma tun ranar da ya kamata. A kan na kamfanin ginin kuwa, wanda ya iso a makare, kamfanin ya rubuta neman sassauci daban, yana nuna jinkirin ba daga gare shi ba ne.

Na makaranta bai motsa ba. Ofishin ya ƙi gyara wannan layi, wanda ya buɗe ƙofar zuwa kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ita ma cikin kwana 30, kuma reshenta na arewa maso yamma yana Kaduna. Lauyan kamfanin ya ba da shawarar kada a je. Babu hujjar da za a tsaya a kanta, domin ba a kai wa FIRS kuɗin ba, kuma kuɗin shari'a zai cinye abin da ake nema. Ga kuma Janairu na tahowa, lokacin da ake buƙatar sabuwar takardar shaidar biyan haraji don neman kwangila, wadda ba ta fita da bashi a rubuce. Kamfanin ya biya ₦650,000 da tarar ₦65,000 da kuɗin ruwa, ya bar adadin a littafi a matsayin bashin da yake bin makarantar. Idan ta biya FIRS wata rana, kiredit ɗin zai fito a yi amfani da shi a harajin shekarar da ya samu.

Daga cikin ₦3,750,000 da aka ƙi, an dawo da ₦2,300,000, an biya ₦1,450,000 da tsabar kuɗi ban da tara da ruwa. Tun daga nan kamfanin ke buga lambar TIN ɗinsa da manyan baƙaƙe a kan kowane inbois, da layin da ke cewa WHT ɗinsa na FIRS ne. Akantan kuma yana sauke jerin kiredit a makon farko na kowane wata, duk inbois ɗin da aka biya wata biyu baya bai bayyana ba, ya ɗauki waya. Daga Janairun 2026 hukumar ta koma amsa sunan NRS a ƙarƙashin sababbin dokokin haraji na 2025, saboda haka layin da ke kan inbois ɗin ma sai da aka sake bugawa.